Tukuicin da ka danna a manhaja, nawa ne ke isa hannun mai kawo maka saƙo?

Ka yi odar abinci ko kayan masarufi ta waya, ka biya da kati, sai manhajar ta tambaye ka ko za ka ƙara wa direba tukuici. A ƙasan akwatin an rubuta cewa tukuicin gaba ɗaya nasa ne, ko kwabo ba za a cire ba. Ka danna, ka ji ka kyauta. Amma ko kuɗin da ya koma gida da shi a ranar ya ƙaru daidai da abin da ka bayar?

Wannan tambaya ce da ta daɗe tana haddasa musu tsakanin masu saye, direbobi da kamfanonin kai saƙo, har ta kai wasu manyan kamfanoni gaban hukuma suka biya miliyoyin daloli. Abin da ke rikita mutane shi ne, kamfani zai iya cewa ya miƙa tukuici ɗari bisa ɗari, maganarsa ta zama gaskiya a takarda, alhali direban bai ga ƙarin komai ba. Kafin a gane yadda hakan ke yiwuwa, sai an bi sawun kuɗin tun daga katin mai saye har zuwa asusun direba.

Kuɗi huɗu ne a cikin biya ɗaya

Mai saye yana ganin jimilla guda an cire masa, amma a cikinta akwai kaso huɗu, kowane da inda ya nufa. Akwai kuɗin kayan da kansu, akwai kuɗin kai saƙo, akwai kuɗin hidimar manhaja, sai tukuici. A wasu wurare haraji na biyar ɗinsu, amma mu ajiye shi gefe don kada lissafi ya cakuɗe.

Babban kuskuren da yawancin masu saye ke yi yana wajen kuɗin kai saƙo. Sunan ne ke yaudara. Mutum ya ga an rubuta kuɗin kai saƙo dala 3, sai ya ɗauka dala ukun nan na direba ne, don haka ya riga ya biya shi. A yawancin manyan manhajoji ba haka abin yake ba. Wannan kuɗi na kamfani ne. Ladan da kamfanin zai ba direba lissafinsa daban, ana fitar da shi ne bisa nisan tafiya, lokacin da ake sa ran aikin zai ci, da yawan direbobin da ke kan hanya a wannan sa'a. Shi ya sa za ka ga an yi wa mai saye rangwame, an kai masa kaya kyauta, amma direba ya samu ladansa. Ko kuma a caji mai saye kuɗin kai saƙo mai tsada saboda cunkoso, direba ya samu abin da ya saba samu. Babu igiyar da ta ɗaure biyun.

To ladan direba a kan kowane aiki kashi uku ne. Na farko ainihin lada, wato abin da kamfani ke biya daga aljihunsa. Kamfanin DoorDash na Amurka, alal misali, ya bayyana cewa nasa yana kamawa daga dala 2 zuwa dala 10 ko fiye a kan kowane saƙo. Na biyu ƙarin ƙwarin gwiwa, kamar ƙarin da ake yi lokacin ruwan sama ko lokacin da oda ta yi yawa, ko garaɓasar kammala adadin saƙonni kaza a mako. Na uku tukuici, wanda shi kaɗai ne ke fitowa daga mai saye da sunan direba.

Daga kati zuwa asusun direba

Lokacin da ka danna maɓallin biya, ba a nan take kuɗin ke barin asusunka ba, ko da ka ga saƙon banki ya shigo. Manhajar tana tura buƙata ta hannun kamfanin da ke sarrafa mata biyan kuɗi, shi kuma ya tambayi bankinka ko akwai wannan adadi. Idan akwai, bankin ya riƙe shi, ya hana ka kashe shi a wani wuri. Riƙewa ce kawai. Cirewar gaske tana zuwa daga baya, idan an san adadin ƙarshe.

Akwai dalilin wannan jinkiri. A odar kayan masarufi, wani abin da ka zaɓa zai iya ƙarewa a kanti, ko nauyin abin da aka auna ya zarce abin da aka ƙiyasta. Saboda haka wasu manhajojin sukan riƙe fiye da jimillar da ka gani, idan an gama su cire daidai su saki ragowar. Tukuicin da ka sa tun kafin a kawo kaya yana cikin abin da aka riƙe. Wanda ka ƙara bayan an kawo kuwa, ko dai a haɗa shi da cirewar ƙarshe idan ba a riga an yi ta ba, ko ya fito a matsayin cirewa ta biyu mai zaman kanta. Idan ka ga layi biyu daga kamfani ɗaya a bayanin asusunka, babba da ƙarami, galibi ƙaramin tukuicin ne, ba cajin ka aka yi sau biyu ba.

A ɓangaren direba, da zarar ya danna cewa ya miƙa kaya, sai adadi ya bayyana a shafin ribarsa. Wannan adadi ba kuɗi ba ne tukuna. Rubutu ne a littafin kamfani cewa direba yana bin kamfanin bashin kaza. Kuɗin mai saye bai taɓa wucewa kai tsaye zuwa wurin direba ba. Ya faɗa babban asusun kamfani ne tare da na dubban masu saye, daga nan ake rabawa. Wannan shi ne tushen duk rigimar da za ta biyo baya, domin wanda ke riƙe da littafi shi ke rubuta wane kuɗi ne tukuici, wane ne lada.

Biyan direba yawanci mako-mako ne. A tara aikin Litinin zuwa Lahadi, a tura banki a farkon sabon mako, ya ɗauki kwana biyu ko uku kafin ya sauka. Wanda ba zai iya jira ba, kuma yawancin masu wannan aiki ba sa iyawa tunda mai ake saye kullum, yana iya cirewa nan take a kan wani caji. A DoorDash cajin cirewar gaggawa dala 1.99 ne duk lokacin da aka cire. Kamar ba komai ba, amma direban da ke cirewa kowace yamma, kwana shida a mako, ya ba da kusan dala 12, wanda ya fi ladan saƙo guda mai kyau.

Oda guda, mu warware ta

Ga misali da muka ƙirƙira don lissafi, da alƙaluman da suka yi kama da na kasuwar Amurka. Abinci na dala 30, kuɗin kai saƙo dala 3, kuɗin hidima dala 4, tukuici dala 6. An cire wa mai saye dala 43.

Gidan abincin ba zai karɓi 30 ɗinsa cif ba, domin manhaja na yankar kamasho. A tsarin da DoorDash ta fitar a 2021, kamashon kashi 15 ne, ko 25, ko 30 cikin ɗari, gwargwadon matakin da mai gidan abinci ya zaɓa. Mu ɗauki 25. An yanke dala 7.50, ya rage masa 22.50. Direba kuma an ba shi ainihin lada dala 4, ga tukuici dala 6, ya tashi da 10. Sai kuɗin sarrafa kati: farashin da kamfanin Stripe ya wallafa wa 'yan kasuwa a Amurka shi ne kashi 2.9 cikin ɗari da ƙarin santi 30, wanda a kan dala 43 ya kama kusan dala 1.55, ko da yake manyan kamfanoni suna samun ragi. Abin da ya saura wa manhaja dala 8.95, daga ciki za ta biya ma'aikatan ofis, inshora, talla da mayar da kuɗin odar da ta lalace.

Lura da abu ɗaya a nan. Cikin dala 10 da direba ya samu, shida daga tukuici suka fito. Wato fiye da rabin ladansa ya rataya ne a kan abin da mai saye ya ga dama. Mai saye yana ɗaukar tukuici a matsayin ƙari kan lada, alhali a irin wannan oda shi ne ƙashin bayan ladan.

Kuma goman nan ba riba ba ce. A mafi yawan ƙasashe waɗannan direbobi ba ma'aikatan kamfani ba ne a idon doka, masu zaman kansu ne, don haka mai, taya, birki, gyaran inji da kuɗin data duk a wuyansu suke. Hukumar haraji ta Amurka ta ƙiyasta kuɗin tafiyar da mota don aiki a kan santi 70 kowane mil a 2025. Idan zuwa gidan abinci, zuwa gidan mai saye, da komawa inda oda ke samuwa ya ci mil 8, an kashe dala 5.60. Saura 4.40 a aikin da ya ci wajen minti 35, har da tsayuwar jiran a gama girki. Cire tukuicin daga lissafin, za ka ga direban ya yi aikin ne da asarar dala 1.60. Mai babur ko keke kuɗin da yake kashewa bai kai haka ba, amma shi ma lissafin iri ɗaya ne.

Yadda "ɗari bisa ɗari" ke zama wofi

A nan ne zancen yake da nauyi, kuma ba zargi ba ne, abu ne da aka yi shari'a a kansa.

Daga 2017 zuwa watan Satumba na 2019, DoorDash ta yi amfani da tsarin da ake kira lada mai garanti. Kafin direba ya karɓi aiki, sai a nuna masa cewa ba zai samu ƙasa da adadi kaza ba. Abin da ba a fito da shi sarai ga mai saye ba shi ne, da tukuicinsa ake cike wannan adadi. Kamfanin yana sa aƙalla dala 1 daga aljihunsa, sai ya duba tukuici, idan biyun ba su kai garantin ba ya cika gibin.

Mu sa garantin dala 8. Mai saye bai ba da tukuici ba: kamfani ya biya 8, direba ya tafi da 8. Mai saye ya ba da dala 6: kamfani ya biya 2, direba ya tafi da 8. Dala shidan nan an miƙa wa direba, babu ƙarya, suna nan a rubuce a shafinsa. Amma wanda ya ci moriyarsu kamfani ne, tunda su suka rage masa abin da zai biya daga 8 zuwa 2. Sai tukuicin ya haura dala 7 kafin direba ya fara jin bambanci a aljihunsa.

A watan Yuli na 2019 wani ɗan jarida na New York Times da ya yi aikin kai saƙo da kansa ya bayyana wannan lissafi, jama'a suka fusata, shugaban kamfanin Tony Xu ya sanar cewa za a sauya tsarin. Sauyin bai hana hukuma bin kadi ba. A 2020 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.5 don sasanta ƙarar da babban lauyan birnin Washington ya shigar, a watan Fabrairu na 2025 kuma ya amince da biyan dala miliyan 16.75 a jihar New York kan wannan tsohon tsari, don a raba wa direbobin da abin ya shafa.

Ba shi kaɗai ba ne. Instacart, manhajar sayo wa mutane kayan masarufi, ta yi irin haka, ta janye a watan Fabrairu na 2019 bayan ma'aikata sun yi ta yaɗa hotunan shafukan ladansu. Na Amazon ya fi muni ta fuskar ɓoyewa. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta zargi kamfanin da cewa ya yi wa direbobin shirinsa na Amazon Flex alƙawarin dala 18 zuwa 25 a sa'a tare da tukuicinsu cikakke, amma daga ƙarshen 2016 ya rage abin da yake biya a asirce yana cike gurbin da tukuici, har zuwa 2019. A watan Fabrairu na 2021 Amazon ta amince ta biya dala miliyan 61.7, adadin da hukumar ta ce an tauye wa direbobin.

Darasin lissafi a nan mai sauƙi ne. Tambayar da ta dace a yi wa kamfani ba ita ce "kuna miƙa tukuici duka?" ba. Tambayar ita ce: lokacin da kuke yanke ainihin lada, kuna kallon tukuicin ko ba kwa kallo? Idan ladan kamfani yana sauka duk lokacin da tukuici ya hau, to alƙawarin ɗari bisa ɗari ba shi da amfani ga kowa sai kamfanin.

An gyara, amma da saura

Manyan kamfanonin yanzu suna cewa tukuici ƙari ne kan lada, ba ya rage shi. A rubuce haka ne. Sai dai yadda ake rarraba aiki ya bar wata ƙofa da sakamakonta ya yi kusa da na da, ba tare da kowa ya karya alƙawari ba.

Ga yadda take. Oda ta shigo, manhaja ta tura wa direban da ke kusa tayin da ya haɗa lada da tukuici a adadi guda, ta ba shi 'yan daƙiƙu ya karɓa ko ya ƙi. Odar da ke ɗauke da tukuici mai kauri, direban farko zai cafke ta ko da ainihin ladan da ke ciki mafi ƙanƙanta ne. Odar da babu tukuici kuwa, wannan ya ƙi, wancan ya ƙi, abinci yana hucewa a kan kanta, dole kamfani ya riƙa ɗaga ladan kaɗan-kaɗan har wani ya yarda. Ƙarshenta sai ka tarar odar mai tukuici ta tafi a kan ladan dala 2, marar tukuici ta tafi a kan dala 5. Ba a taɓa tukuicin kowa ba, amma kuma shi ne ya sa kamfani bai ƙara lada ba.

Wannan ya sauya ma'anar tukuicin da ake sawa kafin a kawo kaya. Ba godiya ba ce kan aikin da aka yi, tunda ba a yi aikin ba tukuna. Tayi ne, irin na ciniki, da mai saye ke yi don wani ya ɗauki odarsa da wuri. Mai sayen da ya ƙudura cewa sai ya ga aiki zai ba da tukuici yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai kyau. Amma direban da ke kallon allo ba ya ganin niyya, adadi kawai yake gani.

Haɗa oda biyu ko uku a tafiya ɗaya ma yana taimaka wa kamfani ta wannan hanya. Ana iya ɗaura odar da babu tukuici a jikin mai tukuici, a nuna wa direba jimilla guda, sai ya gama ya ga cewa gida ɗaya ne ya ɗauki nauyin tafiyar duka. Wasu manhajojin kuma suna ɓoye wani yanki na babban tukuici, su nuna ƙasa da abin da ke ciki sai bayan an kai. Kamfani yana cewa don kada direbobi su zauna suna tsince masu maiƙo kaɗai ne. Direbobi suna cewa an mayar musu da aiki caca. A ganinmu direbobin sun fi gaskiya a nan, domin wanda za a ce masa shi mai zaman kansa ne, yana da 'yancin ƙin aiki, ya kamata a nuna masa cikakken farashin aikin kafin ya zaɓa.

Tukuicin da ake janyewa

Tunda kuɗin riƙe shi aka yi ba cirewa ba, mai saye yana iya sauya tukuici bayan an miƙa masa kaya. A manhajar kai abinci ta Uber Eats yana da sa'a guda ya gyara, shi ya sa direba ba ya ganin tabbataccen tukuicinsa sai bayan kamar awa ɗaya da kammala aiki. An yi wannan dama ce don wanda aka wulaƙanta wa kaya ya samu abin yi. Amma wasu sun mayar da ita tarko: su sa tukuici mai tsoka don a yi rububin odarsu, kaya na isowa su mayar da shi sifili.

Abin ya yi ƙamari a 2020, lokacin annobar korona, da masu sayo wa mutane kayan masarufi suka yi ƙaranci. A shekarar Instacart ta rage wa'adin sauya tukuici daga kwana uku zuwa sa'o'i 24, a 2022 kuma ta fito da kariya: idan mai saye ya share tukuici ba tare da ya kai ƙorafin komai ba, kamfani zai biya ma'aikacin har zuwa dala 10. Koma wa misalinmu na baya ka ga nauyin abin. Direba ya karɓi aikin mil 8 ne saboda ya ga dala 10. An janye shida bayan ya ƙone mai, kuma babu yadda zai fasa tafiyar da ya riga ya yi.

Sauran wuraren da kuɗi ke maƙalewa

Ba kowane tukuicin da ya ɓace ne aka yi wa ha'inci ba. Wani lokaci kati ne ke ƙin biyan cirewa ta biyu, saboda kuɗin da ke asusun ya ƙare tsakanin lokacin oda da lokacin ƙara tukuici. Mai saye ya ga ya danna, amma banki bai amince ba, don haka babu abin da ya shiga littafi. Wani lokaci kuma an sauya direba ne a tsakiya: na farko ya gaji da jira ya saki odar, tukuicin ya bi wanda ya kai.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne idan ka yi oda a shafin gidan abinci ko kanti, su kuma suka ɗauki hayar wani kamfanin kai saƙo a bayan fage. A nan tukuicinka yana faɗawa hannun mai kantin ne da farko, shi zai shigar da adadin cikin buƙatar da ya tura wa kamfanin kai saƙo. Idan tsarinsa na raba tukuici da ma'aikatan kicin ne, ko kuma haɗin na'urorin biyu bai tura adadin ba, direba zai ga kaɗan ko ya ga babu. Kalmar da aka rubuta a kan akwatin tana da muhimmanci: tukuicin direba daban, tukuicin ma'aikata daban.

A ƙasashen da manhaja ke karɓar biya hannu da hannu, akwai wani ruɗanin. Direban da ya karɓi tsabar kuɗin oda yana riƙe da kason kamfani da na gidan abinci, don haka shafinsa yana nuna ana bin sa bashi. Duk lada ko tukuicin da ya shigo ta kati daga baya, bashin nan yake fara cikewa. Sai ya ga an ba shi tukuici amma babu abin cirewa, ya zaci an cinye. Ba a cinye ba, yana aljihunsa tun ɗazu a matsayin tsabar da ya karɓa.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Mai saye ya buɗe rasidin ƙarshe, ba allon da ya gani lokacin oda ba, ya duba layin tukuici, ya gwada jimillar da abin da banki ya cire bayan kwana biyu. Direba kuma ya riƙa ɗaukar hoton tayi kafin ya karɓa, ya gwada da bayanin da ke fitowa bayan kammalawa, inda ake raba lada da tukuici. Idan yana so ya san ko ana kallon tukuici wajen yanke masa lada, ya tara saƙonni talatin ko arba'in masu nisa kusan ɗaya, ya jera ainihin ladan kowane kusa da tukuicinsa. In ladan yana faɗuwa duk inda tukuici ya tashi, ya samu abin da zai nuna. Saƙo ɗaya ko biyu ba sa tabbatar da komai.

Da doka ta shigo

Wasu hukumomi sun zaɓi su ɗaure ainihin ladan maimakon su tsaya kan tukuici. A jihar Kalifoniya, dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 2020 ta tabbatar wa direbobin manhaja kashi 120 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi, amma a kan lokacin da suke ɗauke da aiki kaɗai, banda zaman jiran oda, kuma ta hana a lissafa tukuici cikin wannan adadi. Birnin New York ya sa wa masu kai abinci ta manhaja mafi ƙarancin lada na dala 17.96 a sa'a a watan Disamba na 2023, shi ma banda tukuici.

Abin da ya biyo baya a New York ya nuna irin ƙarfin da mai tsara allo yake da shi. DoorDash da Uber Eats suka ƙara wa masu saye caji, suka kuma ɗauke akwatin tukuici daga wurin biya suka mayar da shi bayan an gama oda. Hujjarsu ita ce lada ya riga ya hau, kuma oda ta yi tsada, bai kamata a ƙara matsa wa mai saye ba. Direbobi da hukumar birnin suka ce an yi haka ne da gangan, tunda mutumin da ya riga ya karɓi abincinsa da wuya ya sake buɗe manhaja. Tukuici ya faɗi ƙasa sosai, duk da cewa abin da kamfanoni ke biya a sa'a ya ƙaru. A 2025 majalisar birnin ta yi dokar da ta tilasta a dawo da damar ba da tukuici tun a lokacin biya.

Ga mai saye da ke son kuɗinsa ya isa inda ya nufa, zaɓi biyu ne, kowane da aibinsa. Tsabar kuɗi a bakin ƙofa ba ta bi ta littafin kowa, babu lissafin da zai gan ta balle ya rage lada saboda ita. Amma direbobi ba sa ganin ta a tayi, don haka odar za ta yi ta yawo kamar marar tukuici. Wanda aka sa a manhaja tun farko yana jawo direba da wuri, amma shi ne wanda tsarin rarraba aiki ke amfana da shi. Mafi dacewa a yawancin lokuta shi ne a raba: a sa matsakaici a manhaja, gwargwadon nisa da wahalar tafiyar ba gwargwadon tsadar abincin ba, tunda mil 8 mil 8 ne ko abincin na dala 12 ne ko na 60, sannan a ƙara sauran bayan kaya sun iso, lokacin da an riga an yanke ainihin lada kuma babu abin da zai sake taɓa shi.